Ƙasar Da Numfashi Ke Hayaƙi

"Ba ni wasiƙata, Gwaggo!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara zaman gilashinta, ta juya wajen Baba da ke kishingiɗe a falo.

"Yaya, saurara ka ji inda ake shirin kai maka 'ya."

A ƙarƙashin filona ta zaro ta. Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma tun ranar da aka yi mana baiko da Dogo, kafin ya tafi karatu waje, take neman hanyar da za ta cusa mini ɗanta mai shagon waya. Ta fara karantawa da ƙarfi, har da gatsine:

"Autata, kin ce kada in ɓoye miki komai. Nan ba kamar garinmu ba ne da za ki hangi ƙarshen duniya daga kan soro. Tuddai ne da dazuzzuka da tafkuna. Yanzu bishiyoyi sun zubar da ganye tas, kamar matattu, amma barci suke. Rana ba ta hawowa tsakiyar kai, raɓawa take ta gefen sama, da tsakar rana ma inuwata ta fi ni tsawo. Sai hantsi gari ke wayewa, kafin ki huta daga azahar la'asar ta shigo, magariba na biye da ita. Tafkin bayan makarantarmu ya daskare, yara na wasa a kai. In na yi numfashi sai ki ga kamar hayaƙi. Ranar da sama ta yi garau ta fi ranar hadari sanyi, don girgije kamar bargo ne. Iskar kuma busasshiya ce, tana yankar maƙogwaro. Ita nake ji miki, masoyiyata, saboda ƙirjinki. Sun ba ni aikin bincike na wasu shekaru, amma ba zan karɓa ba sai da ke..."

Ta ninke takardar tana murmushi.

"Yarinya mai asma. Da bakinsa ya faɗa."

Baba ya tashi zaune. Shi ne ya sha ɗaukata a kafaɗa zuwa asibiti ina ƙarama, na san abin da ke yawo a ransa.

"Auta, ban haife ki don a saka mini ke a firji ba. Ko ya dawo, ko a mayar masa da kayansa."

"Baba, in ya dawo ya watsar da wahalar shekaru..."

"To ya zauna. Ke ma ki zauna."

"Ni dai ba zan rabu da mutum don ya faɗa mini gaskiya ba."

"Ka ji fitsara," in ji Gwaggo. Na fizge wasiƙata na wuce ɗaki, raina na tafasa.

Babban yayana shi ke kula da ɗakin sanyi na wani kamfanin kifi. Washegari na ari jibgegiyar rigar sanyi, na taka da ƙafa cikin rana, na isa ina zufa sharkaf.

"Buɗe mini, Yaya."

"Ke kifi ce?"

"Ka buɗe kawai."

Na afka ciki ina surutu, baki a wangale, wai ni jaruma. Ban jima ba zufar jikina ta koma ƙanƙara, ƙirjina ya fara fito. Yaya ya finciko ni waje, ya laluba jakata ya danna mini abin shaƙa a baki.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Wani direban kamfanin abokin ɗan Gwaggo ne. Na tarar da ita ta baje a kujera, ta kusa yin rawa.

Na yi kuka ranar, kukan haushin kaina. Da na share hawaye na ɗauko shafi na biyu na wasiƙar, wanda Gwaggo ta ƙi karantawa. Ni ma a baya kalaman soyayyar kawai na tsince a ciki.

"Kuskurena na farko," Dogo ya rubuta, "riga ɗaya mai kauri na saya. Ashe hawa-hawa ake sawa. Ta ciki mai tsotse gumi, ban da auduga, don in ta jiƙe ita za ta kashe ki da sanyi. Ta tsakiya ulu, mai riƙe ɗumi. Ta waje mai tare iska. A rufe hanci da baki da mayafi, a shaƙa ta hanci, sai iskar ta ɗumama ta yi laima kafin ta kai huhu. Cikin gida kuwa akwai ɗumi, ruwan zafi ke zagaya ɗakuna ta bututu."

Duk abin da ya hana, shi na aikata.

Na kira Dogo, na faɗa masa abin da na yi.

"Kin shiga me?" in ji shi. "Auta, na fasa aikin. Zan dawo."

"Ka dawo ka tarar da wa? In ka ajiye aikin nan saboda ƙirjina, kullum na yi tari sai na ga laifina a idonka."

"Rai fa ake magana, zuciyata..."

"Nawa ne ai. Ka bar ni in koyi riƙe shi."

Na je wurin likitana. Bai ce ba hatsari ba. Ya ce sanyi na tayar da asma, amma masu ita na rayuwa a can. Ya ɗora ni a kan maganin kariya na kullum, wanda dā nake wasa da shi, ya ce in tafi da bazararsu don jiki ya saba a hankali, kuma kada in ƙara shiga ɗakin kifi ba da saninsa ba. Na ce to yanzu ya sani, don zan sake shiga.

Bayan wasu makonni na durƙusa gaban Baba.

"Ka zo ɗakin sanyin ka gani da idonka. In na sake faɗuwa, ni da kaina zan haɗa wa Dogo kayansa."

Gwaggo ta biyo mu, wai shaida. Na shirya a ofishin Yaya, jikina a bushe, hawa uku, hanci a rufe, magani a aljihu. Muka shiga. Gwaggo ce ta fara ficewa tana salati, haƙora na haɗuwa. Baba ya dake cikin 'yar rigarsa, idonsa a kan ƙirjina, yana sauraron fiton da ya sani. Ni kuwa ina ja ta hanci, a hankali. Shiru.

Da muka fito ya daɗe yana murza hannuwa.

"Wannan ɗaki ne, yana da ƙofa. Can fa? Wata da watanni cikin duhu, ba uwa ba uba."

"Haka Dogo ya yi su shi kaɗai, Baba, bai taɓa yi mini ƙarya cewa da daɗi ba. Ban ce ba zan yi ciwo ba. Na ce ina so in je."

Ya kalle ni, idonsa ya kaɗa.

"Taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba." Ya juya ga Yaya. "Kira mini yaron."

Aka ɗaura aure, da bazararsu na tare a can, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa har sai mun ja labule mai kauri. Sanyi ya zo, ya kuma kayar da ni sau ɗaya, na kwana asibiti Dogo na riƙe da hannuna. Da safe na kira Baba da kaina na faɗa masa, tun kafin wani ya riga ni.

Abin da ya fara tambaya shi ne:

"Za ki dawo?"

"Hutu, in sha Allahu."

Na ji ya saki numfashi, sannan ya yi 'yar dariya.

"To rufe hancinki, ja'ira. Ba ni mijin naki."