Bijimin da Ba Shi da Dillali

Da hantsi Barmo da Aisami suka tare wani makiyayi a hanyar Alakos. Harsashi ɗaya. Suka kora bijiminsa fari, suka bar mai shi kwance cikin ƙaya.

Kafin azahar suna bakin kasuwar Gure, ta wajen kara, inda ake cinikin dabbobi. Ba su shiga ba. A kara duk dabbar da za a sayar sai ta bi hannun dillali, shi ne ya san mai ita, shi zai amsa in magana ta tashi, sannan mutumin magajin gari ya yanka tikiti. Su kuwa ba mai tsaya masu.

Ranar ce ta farko da wani saurayi, Fadilu, ya shigo kasuwa sayen shanu daga Bune, da jarin da uwarsa ta sayar da gonarta ta ba shi. Tun safe yake shan ture. Ya taya nan, a ce albarka. Ya taya can, dillali ya yi masa dariya. Ya fito yana huci.

"Samari, sun wanke ka ko?" in ji Barmo. "Dillalai ai kuraye ne. Zo ka ga kaya, ba la'ada."

Fadilu ya buɗe bakin bijimin ya duba haƙora, ya taɓa tozo. Bai duba cinya ba.

"Ina dillalinku?"

"Ga ni ga ka, mene na shamaki? Taya, maigida."

Ya taya rabin kuɗi don ya ji baki. Barmo ya ce ya sallama. Aisami ya karɓe kuɗin, ya ce wa Barmo bari ya ɗauko masu moto, wato babur.

Fadilu ya ja igiya ya shiga kara, yana lissafin riba. Bai yi taku ashirin ba wani Bafillace ya damƙe igiyar, yana nuna cinyar bijimin.

"Wannan shaidar wutar gidanmu ce! Ina yayana?"

Kasuwa ta rufe shi. Sanda ta sauka a kafaɗarsa — ta biyu a baki. Sarkin dillalai Yabawa ya ratso ya tsaya a tsakani.

"Ɗana, wa ya tsaya maka? Faɗi sunan dillali ɗaya, in cire ka yanzu."

Fadilu ya waiwaya. Fuska ɗari, ba wadda ya sani.

Jandarmomi suka iso da Barmo a ɗaure. A bakin ƙofa suka tsince shi yana jiran moto, waɗanda suka ga cinikin suka nuna shi. Aisami tuni ya kama daji da kuɗin, shi kaɗai.

Babban jandarman ya nuna wa Barmo Fadilu. "Ka san wannan?"

"Baba, gaya masu gaskiya, don Allah," in ji Fadilu.

Barmo ya tofar da jini. Ya ga ba dalilin da zai tafi shi kaɗai.

"Shi ke sayar mana kullum."

Makiyayin ya cika kafin la'asar. Bijimi ya koma gidansu. Aka ɗaure hannun Fadilu da na Barmo da igiya ɗaya, aka jefa su bayan mota. A Bune kuwa uwarsa ta riga ta aza tukunya da rabonsa a ciki.