Maganin Gyangyaɗi

"To."

Amsar da ya turo mini ke nan da rana tsaka, bayan na rubuta masa cewa Baba ya ce in da gaske yake, ya zo su gaisa ranar Asabar.

To! Mutumin da in dare ya raba ni ce sanyin idonsa, ni ce rabin ransa. Ya ba ni labarin marigayiya mahaifiyarsa har in jiƙa matashi da hawaye, da safe in tafi shagon ɗinki ido ya kumbura. Amma gari na wayewa sai ya koma "To", "Ina aiki", "Sai anjima".

A makon nan kuwa har na daren ya ɗauke ɗif. Na rufe keken ɗinki, na nufi gidan burodin da yake aiki.

Wani abokin aikinsa na fara tararwa a ƙofa yana jera farantan gashi.

"Au, ke ce ta wayar? Sannu da ƙoƙari! Tun da ya same ki bai sake ƙona mana burodi ba."

Sai ga mutumin nawa ya fito, fulawa har gira, yana waige-waige kamar na zo da abin kunya.

"Me ya kawo ki nan?"

"Me ya sa ka daina yi mini magana da dare?"

"An mayar da ni aikin rana. Barci nake yi."

"Da can fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ki gane... in an zuba burodi a tanda sai zaman jira. Kowa ya yi shiru, barci na fizgar mutum, kewa ta taso. Ke kuma kina amsawa da wuri."

"Kalaman fa? Ƙarya ne?"

"Wallahi lokacin ina jin su a raina! Da dare ai hira ce kawai, ba mai cewa ka zo, ba mai cewa ka turo manya. Da rana kuwa kowace magana sai ta jawo wata hidima. Ni ban shirya ba."

Ƙyamarsa ta kama ni. Ashe ni maganin gyangyaɗi ce, barcina nake bayarwa don burodin wasu ya gasu!

"Haba masoyiya, kar ki yi fushi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mako mai zuwa zan koma dare, komai zai dawo daidai."

Ko tofar da yawu ban tsaya yi ba.

A gida na tarar da Baba yana gyara ƙafar kujerar falo, yana murmushi.

"Uwata, kar surukina ya zauna ya faɗi. Da wane lokaci zai iso?"

Na durƙusa gabansa, hawaye suka ɓalle mini.

"Baba, bar kujerar nan. Ba mai zuwa."