Gangar da Ta Dawo Aro

Mutanen unguwar masassaƙa ba su rasa hannu ba, ba su rasa itace ba. Abin da suka rasa wata 'yar ganga ce da sojojin mulkin mallaka suka kwashe shekara ɗari da ashirin da suka wuce. Bara aka gano ta a wani gidan tarihi na ƙetare. Bayan doguwar muhawara aka yarda ta dawo, amma a matsayin aro na shekara uku, kuma gidan tarihi na ƙasa za ta sauka, ba unguwar ba.

Kwana ɗaya da isowarta, da azahar, aka kira Sufeton 'yan sanda: akwatin gangar wayam.

Shugaban gidan ya tare shi yana sharce gumi.

"Yallaɓai, gobe wakiliyar gidan tarihin ƙetaren za ta zo mu duba lafiyar gangar, mu sa hannu tare. In babu ganga, sauran kaya arba'in da muke nema sun tafi ke nan. Dama masu adawa cewa suke ba mu iya ajiya ba."

"Me ya sa aka bar ta a sito?"

"Ƙa'ida ce. Akwati yakan kwana biyu a rufe, itacen ya saba da iskarmu, kada ya tsage."

"Kayanku ne, me ya kawo aro?"

"Dokarsu ta hana su fitar da abin da ya shiga rajista. Mu kuma da mun ƙi aron, da ba mu gan ta ba."

Sufeto ya durƙusa gaban akwatin. Ba a ɓalle komai ba. Kusoshi takwas na jere a kan farar takarda, bi da bi.

"Ɓarawon nan ya fi ni tsari," in ji Kofur, ɗan sandan da ya rako shi.

Maigadi ya rantse bai gusa daga ƙofa ba.

"Baba, ga manja a gemunka," in ji Sufeto.

Tsohon ya shafa, ya sunkuyar da kai. "To, na ɗan leƙa wajen mai abinci. Amma ba baƙon da ya shigo, sai 'yan gida."

A ɗakin gyaran kaya suka sami jami'ar adana, wadda kowa ke kira Anti. Ita ta yi shekara shida tana bin rajistoci da wasiƙun wani hafsan sojojin mulkin mallaka, har ta tabbatar da lambar da aka rubuta a gindin gangar da ranar da aka ƙwace ta.

"Na fita sallah, ban koma sito ba," ta ce.

"Me ake sakawa a akwati ban da gangar?"

"Soso, takardar naɗi, da ƙunshi huɗu na maganin danshi."

"Biyu na gani."

Sufeto ya nuna wani kwali da ke kan teburinta.

"Ɓarawo ba ya tausayin itace har ya haɗa da maganin danshi, Anti. Kuma kwalin safar hannun nan yau aka buɗe shi, an cire huɗu. Hannuwanki biyu ne. Me ya sa ba a taɓa ta da hannu tsirara?"

"A da sukan barbaɗa wa kaya gubar arsenik saboda ƙwari. Har yau tana jikinta."

"To, wa kika ji wa tsoron guba?"

Ta cire tabarau, ta goge.

"Kakana."

Gidan kakan yana bayan rumfunan sassaƙa. Tsohon makaho ne, yana kwance a gado, safar roba a hannuwansa, gangar a kan matashi a gefensa.

"Wa ke nan? Takun ɗan sanda nake ji."

"Ni ne, Kaka," in ji Sufeto. "Sannu da jiki."

"Kun zo kama ɓarawo? Kun makara da shekara ɗari."

Kofur ya danne dariya.

"Kakansa ne ya sassaƙa ta," in ji Anti. "Sau uku ina rubuta takarda a bar shi ya taɓa ta. Yarjejeniya ta ce sai ta bayan gilashi. Yallaɓai, me makaho zai yi da gilashi? Likita ya ce ba zai ga ƙarshen wata ba. Ni na ɗauko ta, kuma da la'asar na yi niyyar mayarwa."

"Ya kaɗa ta?"

"Fatar ta bushe, yagewa za ta yi," tsohon ya amsa. "Shafawa kawai na yi. Ga inda gizagonsa ya zame, nan, ƙasan baki. Haka nawa yake zamewa."

Sufeto ya duba agogo. Ya fita tsakar gida, ya nemi ruwa, ya sha a hankali. Sai da tsohon ya ɗauke hannunsa da kansa ya koma ciki.

"Anti, dole mu je ofis. Zan rubuta abin da ya faru, har da takardunki uku, kuma zan sa wakiliyar ta karanta."

"Za su hana sauran arba'in ɗin?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta naɗe gangar da kanta. Kofur ya miƙa hannu zai karɓa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ita ta rungume ta har mota, su biyu suna biye da ita.