Abin da Halilu Bai Iya Gogewa Ba

Ranar da aka sallami Halilu daga poroje, aikin ƙungiyar agaji a Magaria, ya zauna kan turmi da waya. Wata ƙungiya a Dungass na neman ma'aikaci, kuma an ce sai sun leƙa Facebook ɗin mutum. Ya shiga kundin ayyukansa na Facebook, ya bi shekara shida yana zaɓa yana gogewa. Har da hoton tsohuwa Zouera ta Kwaya, wanda ya ɗauka a bakin rijiya ya rubuta, don raha, "mayyar gari". Bayan rahar ne aka daina sayen ƙosanta, har ta bar garin.

Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufin ɗaki. Sai na biyu. Kaji suka yi tsit.

'Yarsa Nafissa, mai shekara goma sha ɗaya, ta ajiye buta, ta fuskanci bango. Da wata murya mai kauri ta fara karanto rubuce-rubucen uban, da kwanan wata, har da "hhhh" ɗin ƙarshe. Ba dariya a ciki.

Kwana uku ana haka kafin a ɗauko Malam Zakariya'u daga Mallawa. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa rawaninsa, sannan ya tambayi mai maganar abin da yake so. Mai maganar ya ce shi aljani ne, maƙwabcin Zouera a rijiya, shekara arba'in.

Halilu ya rantse ya goge komai.

"Ka zuba a kwandon shara," in ji muryar. "Kwana talatin yake yi can."

Halilu ya buɗe kwandon, ya share. Muryar ta yarda cewa waɗanda suka danna rabawa, nasu ya tafi tare da nasa. Amma fa Yasin mai cajin waya ya ɗauki hoton fuskar wayarsa. Surukin Halilu na Kano ya sauke, ya tura zauren WhatsApp na dangi, mutum tamanin. Ga kuma tsohon shafin Halilu, wanda layin ya ɓata, kalmar sirrin ta shige masa duhu: hoton na can a buɗe.

Malam ya miƙa tayin baƙin zakara. Aljanin ya ce ba yunwa ta kawo shi ba. Abin da yake so shi ne Halilu ya rubuta, da cikakken sunansa, cewa ƙarya ya yi wa tsohuwa, kowa ya gani, kuma kada ya goge.

"Mutanen Dungass za su gani, Malam," Halilu ya ce a hankali.

Malam ya nuna masa yarinyar kawai.

Ya rubuta. Ya tura.

"Na tafi," in ji muryar. "Saura guda ɗaya, amma ba a hannuna yake ba. Yarinyar ta ji duka."

Nafissa ta yi atishawa, ta zube. Da ta farfaɗo uwarta ta ba ta ruwa, ta sha. Ta daɗe tana duban ubanta, sannan ta ce da 'yar muryarta:

"Baba, ina tsohuwar take kwana yanzu?"