Wanda Ya San Gidan Barau

Ku matso, ku rage murya. Ku da kuke cewa ni Yaya Sabi'u matsoraci ne don ba na fita da magariba, yau za ku ji dalili, kuma ina jiran a ba ni haƙuri.

Shekarar da ciwon Gwaggo Dije ya tsananta, ni ta zaɓa, don duk zuriyar nan babu mai kaina. Ta ce in je birni in taho mata da ƙanenta Barau. Shekara ashirin ba sa magana, tana so su yafi juna kafin ta cika. Da na nemi kwatance sai ta ce Unguwar Majema, bayan masallaci, gida mai rijiya da durumi a ƙofa. Shi ke nan abin da aka ba ni.

Na sauka bayan la'asar, ga shi motar ƙarshe ta komawa tana tashi ne da an idar da magariba. Na fara da mai shayi. Ya ce masallatai shida ne a unguwar, wanne? Ya tambayi sana'ar Barau, na ce da dai jimar fata yake yi. Ya tura ni wurin wanzami, wai shi ya san kan kowa. Wanzami ya ƙare min kallo, ni da farar shaddata, kamar wanda ya zo sata. Daga ina nake? Me ke tsakanina da shi? Lafiya nake nemansa? Sai da na lissafo kakannina kafin ya ce Barau uku ya sani, ɗaya ya rasu, ɗaya yaro ne, ɗaya Bazamfare. Durumi kuwa an sare tun zuwan wutar lantarki, rijiyoyi duk an cike. Ya ce in je wurin mai unguwa. Mai unguwa ya tafi ɗaurin aure.

Rana ta yi ja. Na shiga lungu na fita lungu, gumi ya ɓata min wuyan riga.

Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa.

"Gidan Barau? Biyo ni."

Dogon mutum ne, da rawani, rigarsa tana jan ƙasa. Ban yi masa sallama ba. Ban faɗa masa suna ba. Bai tambaye ni komai ba. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce yau ga mai mutunci, ya ga babban mutum ya gane.

Muka shiga wani siririn lungu. Awakin da ke kwance suka miƙe suka manne da bango. Muka wuce dattawa a kan tabarma, suka ce min sannu baƙo. Shi ba wanda ya kalla. Muka tsallake kwata, takalmina ya bar sawu a caɓi. Na duba nasa. Babu.

Na so in tsaya. Sai ga masallaci, ga durumi a bayansa, ganye shar, ga rijiya da guga a bakinta, daidai yadda Gwaggo ta faɗa. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

"Shiga," in ji shi. "Yana jira."

Na ɗaga ƙafa ke nan, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a ƙofar gidan da ke kallo ta ce, "Ɗan nan, me kake nema a kango kai kaɗai?"

Na waiwaya gare ta. Da na juyo, babu durumi, babu mutum. Rusasshen zaure ne, da ramin tsohuwar rijiya a gaban babban yatsan ƙafata, ciyawa ta rufe bakinsa. Ban yi ihu ba, ko me aka gaya muku. Zama kawai na yi.

Ta ba ni ruwa, ta shiga yi min tambayoyi, kuma ban taɓa jin daɗin tambaya irin na ranar ba. Barau ɗin da nake nema, ɗan wa ne? Matarsa 'yar ina ce? Wa ya haifa? Na tuna babbar 'yarsa Ladidi. Ta ce ai da na faɗa tun farko, gidan su Ladidi mai koko ne, mahaifinta kuwa nan Na-Tasha ake ce masa, tun da ya bar jima ya koma lodin mota. Sun tashi daga kangon nan shekara goma sha biyar, suna lungu na biyu. Ba ta yarda da kwatance ba, ta sauke kaskonta ta kai ni har zaure da kanta.

Baffa Barau ya ji saƙo, ya shiga ya ɗauko hularsa. Da ba don 'yan tasha sun san shi ba, da motar ta bar mu. Kwana biyu bayan isowarmu Gwaggo ta rasu, hannunta a cikin nasa. Kowa ya yi ta sa wa Baffa albarka. Ni da na leƙa ramin, ko sannu.

To ku ji. In kuka je neman gida a baƙon wuri, ku bi mai yi muku tambaya har ranku ya ɓaci. Wanda ya ce ku biyo shi bai tambayi ko ku su wa ne ba, kada ku shiga lungu da shi ku kaɗai. Yanzu wani ya tashi ya raka ni banɗaki.