Tayin Barista

Wanda ya ga Barista yana fitowa daga mota, magatakarda na biye da shi da rigar kotu, ba zai ce mutumin nan ya taɓa rasa kuɗin hayar ofis ba. Amma an yi haka. A lokacin ne ya bi wani lungu bayan garejin da aka daina aiki, ya sunkuya ya shiga ɗakin boka.

Ɗakin ba taga. Tukunya ce a tsakiya an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, ƙudaje sun rufe bakinta. Boka ya karɓi hatimin ofishin Barista ya tsoma a ciki, ya fito da shi yana ɗiga.

"Shari'a za ta riƙa bin ka har gida," in ji boka. "Amma mai tukunyar nan yana cin rabonsa, kuma ba kuɗi yake ci ba."

"Ban da iyalina."

"To ka samo wanda zai ci riba tare da kai, ya sa hannu da yardarsa. In ka yi tayi aka ƙi, ƙin kuma ya iso hannunka, tayi ya mutu. Sai ya juyo gidanka."

Barista ya yi murmushi. "Ai haka dokar kwangila ta ce."

"Ka ga ba sai na koya maka ba."

Arziki ya zo. Ofis ya koma bene, bankuna suka riƙa kawo shari'unsu. Abokin tarayyarsa na farko ya faɗi yana tsakiyar yi wa shaida tambayoyi, bai tashi ba. Na biyu yana nan da rai, ya haukace, a ɗaure a gidan iyayensa. Kowane lokaci sai a kira mai fenti ya goge suna ɗaya a allon ƙofa.

Da ƙudaje suka fara taruwa a kan hatimin kuma, Barista ya gane lokaci ya yi. Ya kira wani ƙaramin lauya mai ƙwazo da ya taɓa koyon aiki a wurinsa, ya miƙa masa daftarin yarjejeniya.

"Ɗana, kaso ɗaya cikin huɗu na riba, ba sai ka zuba jari ba. Sunanka kusa da nawa. Ko ka fi son ka tsufa a wannan kejin kaji da kake kira ofis?"

Yaron ya yi dariya. "Yallaɓai, bari in karanta tukuna. Kai ka hana mu sa hannu a abin da ba mu karanta ba."

Mako ya wuce shiru. Jikin Barista ya ba shi. Ya hana sakatariya karɓar kowace wasiƙa daga yaron, ya daina ɗaga wayarsa, ya daina buɗe saƙonni. Ko a gida in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya hana a buɗe. Amma kotu ba ta ƙauratuwa, kuma suna da ƙarar fili da kowannensu ke tsaya wa ɓangare ɗaya.

A barandar kotu yaron ya tare shi da takardu. "Yallaɓai, ga martaninmu."

Lauya ba ya ƙin karɓar takardar shari'a. Barista yana magana da wani, ya zaro biro, ya bi kwafin yaron shafi bayan shafi yana rubuta an karɓa, da kwanan wata, yadda hannunsa ya saba.

"Ta ƙarshen wasiƙata ce," in ji yaron a hankali. "Na je ofis an ce ba a karɓa."

Barista ya jingina da bango ya karanta.

"Yallaɓai, na gode da karamcin da ka yi mini, amma ba zan karɓi tayin ba. Sashe na tara ya ɗora mini duk alhakin da ke kan ofis, wanda na sani da wanda ban sani ba, har na kafin shigowata. Na nemi ganin asusun da ake ajiye kuɗin masu ƙara, ba a nuna mini ba. Sannan in na shigo dole in saki talakawan da nake karewa a ƙarar fili, domin ofis ɗaya ba ya tsaya wa ɓangare biyu. Ga daftarin na dawo da shi ba sa hannu. Abin da na gani a ciki zai tsaya a cikina. Ɗanka har kullum."

"Mu cire sashe na tara," in ji Barista. "Rabi da rabi."

"Wannan sabon tayi ne, Yallaɓai. Ka yi haƙuri."

Bai kai mota ba aka kira shi. Babban ɗansa, wanda ke shirin gama karatun lauya, ya faɗi a banɗaki. Bayan zaman makoki uwargida ta fara share ƙudajen da ba wanda ke gani, tana kiran ɗanta marigayi ya zo ya ci abinci. Barista ya koma lungun garejin, ya tarar da ƙofa a toshe da bulo.

'Ya'ya biyu gare shi, yanzu 'yarsa kaɗai ta rage. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba ya fita, ba ya barin ta fita, yana sauraron numfashinta.

Duk mai kwaɗayin da ya sayi arziki da ran ɗan wani, ya sani ba kowa ne zai miƙa wuya ba. Ranar da aka ce masa a'a, nasa za a ɗauka, yana ji yana gani.