Hancin Kausar

Ranar da Amatullahi ta gama wankan jego aka fito mata da kayanta ƙofar gida, jaririyarta Kausar a baya, ruwan sama na dukansu. Wayyo duniya! Wata bakwai kacal da rasuwar mijinta Mudathir a haɗarin mota kan hanyar Maraɗi ta haihu, amma yayarsa Ladidi, wadda ta ɗora ido kan gidan da ya bari, ta ɗauki hoton jaririyar a salula tana bin gidajen Dakoro da shi. Ko'ina ta shiga sai ta fara cewa a dubi wannan jar fata da siririn hanci, a gidansu wa ke da su? Duk wanda ya ji maganar kafin ya ga hoton kuwa, abin da aka ce ya gani shi yake gani...

Amatullahi marainiya ce, don haka Korahane ta nufa wurin wata gwaggonta makauniya. Shekara uku tana sussukar hatsin mutane har tafin hannunta ya tsage. A bakin rijiya mata sukan leƙa fuskar yarinyar su kalli juna. Ba ta taɓa rama wa kowa ba, sai dai ta share hawaye da gefen mayafi ta ce Allah ne shaidarta.

Wata ranar kasuwa ta shigo Dakoro, Elhaji Hamid mai hoto ya gane ta. Dattijo ne da ya shekara arba'in yana ɗaukar fuskokin garin, mutum mai kunya da tsoron Allah, wanda ba ya zubar da hoton kowa. Ya saurare ta har ta gama kuka, ya ɗauki Kausar hoto, sannan da ƙafarsa ya je ya roƙi liman ya tara dangin mamacin.

Da aka hallara a zauren liman, Elhaji ya fara miƙa hoton wani yaro, ya ce jikan kawunsu ne na Roumbou. Nan take wani ya ga goshin gidansu, wata ta ga kunnen kakansu, Ladidi ma ta rantse jini ba ya ɓuya. Sai ya gaya musu ɗan wani baƙo ne da ya ratsa garin, bai haɗa komai da su ba.

A hankali ya bayyana musu abin da sana'a ta koya masa. Ya ce ido yana bin kunne: in an ce dangi ne, mutum ya nemo inda suka yi kama ya manta sauran, in an ce bare ne ya nemo inda suka saɓa. Jariri yakan zo da haske ya rine daga baya, karan hancinsa da haɓarsa ba sa tsayawa sai ya girma, goshi da kewayen ido ne suka fi riƙe kama, su ma ba kullum ba. Yaro rabi daga uwa yake ɗauka rabi daga uba, a cakuɗe, har abin da ya ɓuya a iyaye ya fito a jika. Hoto kuma, hasken rana, karkatar kai ko murmushi kaɗai kan mai da mutum wani daban.

Ladidi ta ce duk da haka ita ta san jininta. Sai ya ajiye mata hotuna biyu marasa launi, 'yan mata ƙanana, ya ce ɗaya Kausar ce, ta nuna ta. Ba ta yi jinkiri ba ta danna yatsa kan mai siririn hanci.

"Wagga ta! Wanga hanci ko a mafarki ba na gidanmu ba ne."

Elhaji ya juya bayan hoton, inda ya rubuta suna da shekara tun da daɗewa.

"Ladidi, ke ce. Mahaihinku, Allah shi jiƙan shi, shi ya kawo ki ranar sallah kina shekara ukku."

Salati ya kaure! Ladidi ta zauna daɓas. Amma Elhaji ya ɗaga hannu, ya ce kada a sake kuskure, shi ma wannan hoton ba hujja ba ne, kama ba ta ba ɗa uba kuma ba ta hana shi. Liman ya ƙarasa da cewa ɗiya ta mijin uwarta ce, an haife ta cikin lokacinta, kuma ƙazafi ga mumina babban zunubi ne. Aka hukunta Ladidi ta fita daga gidan, ta kuma bi duk ƙofar da ta kai ƙarya ta warware da bakinta.

Amatullahi ta durƙusa gaban dattijon tana kuka tana sa masa albarka, ya kawar da kai yana cewa Allah ne ya yi. Surukarta, tsohuwar da ta yi shiru shekara uku, ta rarrafo ta rungume Kausar, hawaye na zuba, tana cewa ga idon Mudathir nan sak, yaya aka yi ba ta gani ba...

Amatullahi ta dubi 'yarta. Ita dai idon mahaifiyarta marigayiya take gani a wurin tun ranar haihuwa. Ta yi murmushi cikin hawaye ta ce, "Haka ne, Inna. Nashi ne."